Yadda ake rubuta takardar farashin gyaran gini

Tambaya: Ni magini ne, na saba yin jinga da baki. Yanzu wani ya ba ni gyaran falonsa, sabon tayil, gyaran filasta da fenti, amma ya ce sai na kawo masa farashi a rubuce, da kaya daban, kuɗin hannu daban. Me zan rubuta a ciki, nawa zan ware na ko-ta-kwana, kuma kwana nawa zan ce farashin zai yi yana tsaye?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka ɗauki biro ka raba aikin gida biyu a ranka: abin da ka gani da idonka ka auna, da abin da ke ɓoye ƙarƙashin tsohon daɓe ko bayan tsohuwar filasta. Na farkon kana iya yanke masa tsayayyen farashi ka sa hannu. Na biyun kuwa ba ka da hurumin yanke masa jimilla, domin kai da mai gidan babu wanda ya san yawansa sai an fasa. A sabon gini kusan komai yana cikin zane, amma a gyara rabin rigimar da ake yi daga wannan ɓoyayyen ɓangaren take fitowa. Takarda mai kyau ita ce wadda ta faɗi tun farko wanda zai ɗauki nauyin abin da ba a gani ba, da kuma farashin da za a biya shi idan ya fito.

Bari mu ɗauki falo mai faɗin mita 4, tsawon mita 5, tsayin bango mita 3, ƙofa ɗaya da taga biyu, mu bi shi har ƙarshe.

A saman takardar ka sa sunanka, sunan mai aikin, inda ginin yake, da ranar da ka rubuta. Ranar nan ba ado ba ce, daga ita ake fara ƙirga wa'adin farashi. Sai bayanin aikin a jimloli gajeru: cire tsohon daɓe, zuba sabo, shimfiɗa tayil har da na gindin bango, sare filastar da ta saki a sake yi, fenti shafi biyu a bango da silin. Ƙarƙashinsa ka rubuta abin da ba ya cikin farashin, kamar wayarin, canza ƙofa da taga, gyaran rufi, da fitar da kujeru. Mutane suna raina wannan layin, alhali shi ne ke hana a ce maka "ai tunda kana nan ka ɗan duba mana wancan ma" har a cinye maka kwana biyu kyauta. Ka kuma faɗi wanda zai kawo ruwa da wuta, da inda za a ajiye kaya.

Yanzu kaya. Kowane layi yana buƙatar abu huɗu: sunan kayan da irinsa, adadi, farashin guda, da jimilla. Kalmar "tayil" kaɗai ba ta isa ba, domin tayil biyu masu girma ɗaya na iya bambanta da ninki biyu a kuɗi. Ka rubuta girmansa, kaurinsa ko darajarsa, da kamfanin da ya yi shi idan an zaɓa. Idan mai gida bai zaɓa ba tukuna, ka sa farashin da ka ɗauka a kowace murabba'in mita, ka rubuta cewa in ya zaɓi mafi tsada zai cika, in ya zaɓi mafi araha za a rage masa.

Daɓen falon murabba'in mita 20 ne. Kewayen bango mita 18, a cire faɗin ƙofa, saura kusan 17, kuma idan tayil na gindin bango zai yi tsayin santimita 10, wannan ƙarin murabba'in mita 1.7 ke nan. An samu 21.7. A kan wannan ake ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa idan shimfiɗar miƙaƙƙiya ce, ko kashi 15 idan za a karkata ta ko ɗakin yana da lungu da yawa. Da kashi 10 an kusa 24. Tayil mai santimita 60 da 60 yawanci huɗu ne a kwali, wato murabba'in mita 1.44, saboda haka kwali 17 za ka rubuta. Ka nuna ƙarin nan a fili a takardar, kada ka cusa shi a ɓoye. Mai gidan da ya auna falonsa ya samu 20, ya ga ka rubuta 24 ba bayani, zai ɗauka cuta ce. Dalilin sayen duka lokaci ɗaya kuma shi ne launi: tayil iri ɗaya da aka gasa a lokuta daban yakan ɗan saɓa, shi ya sa ake buga lambar rukuni a jikin kwali. Idan kwali ɗaya ya gaza ka koma kasuwa bayan mako biyu, kana iya samo wanda zai fito daban a tsakiyar falo.

Sabon daɓe mai kaurin santimita 4 a kan murabba'in mita 20 zai ci kwaɓi kusan kashi 8 cikin 10 na kubik mita ɗaya, wato 0.8. Busasshen siminti da yashi suna raguwa idan aka kwaɓa, don haka ana ƙara kusan kashi 30 a lissafi, a samu sama da 1 kaɗan. A haɗin siminti ɗaya yashi huɗu, wannan buhu 6 ne na kilo 50. Abin lura a nan shi ne santimita 4 ɗin zato ne. Tsohon ƙasan ɗaki ba kasafai yake kwance daidai ba, kuma idan wani gefe ya nutse har matsakaicin kauri ya koma santimita 6, buhu 9 za a ci, ba 6 ba. Saboda haka ka auna tudu da kwarin ɗakin da tiyon ruwa a kusurwa huɗu da tsakiya tun ranar dubawa, sannan ka rubuta a gefen layin: "an lissafa a kan kaurin santimita 4". Wannan ɗan bayanin shi ne hujjarka ranar da aka fasa aka ga rami.

Fenti ba shi da wahala. Bango murabba'in mita 54 ne, a cire ƙofa da tagogi saura kusan 49, a haɗa da silin 20. Lita ɗaya takan rufe kusan murabba'in mita 10 a shafi ɗaya, ko da yake abin da aka rubuta a jikin bokitin shi ne abin bi, don haka shafi biyu zai ci kusan lita 14. Inda aka yi sabuwar filasta yana shan fenti fiye da tsohon bango, ka sa masa fentin share fage a layinsa daban.

Filasta ita ce inda ya kamata ka tsaya ka natsu. Ka bi bangon da ƙaramar guduma kana ƙwanƙwasawa. Inda ta kama bulo sosai za ka ji sauti a toshe, inda ta saki za ka ji kamar ganga. Ka zagaye wuraren da alli ka auna. A ce ka samu murabba'in mita 12. Kada ka rubuta "gyaran filasta" da jimilla ɗaya, domin da zarar an fara sarewa, gefen da ke da kamar lafiya yakan biyo, musamman a ƙasan bango inda danshi ya hau. Alamar danshin ita ce fenti mai kumbura, farin gishiri a jikin bango, da filastar da ke zama gari a hannu. Abin da za ka rubuta shi ne: "sarewa da sake filasta, murabba'in mita 12 na wucin gadi, kaza a kowace mita, za a sake aunawa bayan an sare a biya abin da aka samu". Farashin mita ɗaya ya ƙunshi sarewa, siminti, yashi, hannu da kwashe ɓaraguzai. Don lissafinka, buhu ɗaya a haɗin ɗaya da huɗu yana rufe kusan murabba'in mita 8 zuwa 9 a kaurin santimita ɗaya da rabi. Da wannan tsarin ba ka yi wa kanka alkawarin da ba za ka iya cikawa ba, shi kuma mai gida ya san tun yau abin da kowane ƙari zai ci, ba sai bango yana tsirara a zo ana ciniki ba.

Kuɗin hannu ka lissafa shi ta hanya biyu, ka rubuta ɗaya. Wa kanka ka ƙirga mutum nawa, kwana nawa: fasa daɓe da fitar da ɓaraguzai, filasta, zuba daɓe, tayil, cike tsakanin tayil, fenti. A takarda kuma ka ba shi farashin kowane aiki a murabba'in mita ko a dunƙule, domin lissafin yini yana sa mai gida ya zama mai gadin agogo. Idan hanyoyin biyu suka ba ka lambobi masu nisa da juna, akwai abin da ka manta. Abin da aka fi mantawa a gyara ba ginin ba ne, hidimar da ke kewaye da shi ce: fasawa, ɗaukar ɓaraguzai zuwa waje da kuɗin motar da za ta kwashe, rufe ƙofofi da leda saboda ƙura, da shara a ƙarshe. Idan mutanen gidan suna ciki lokacin aikin, aikin zai yi jinkiri, domin ba za ka baza kaya yadda kake so ba kuma ba kowane lokaci za a bar ka ka yi ƙara ba. Haka idan a bene ne, kowane buhu sai an hau da shi. Akwai kuma kwanakin jira. Sabuwar filasta tana son ban ruwa na kwanaki, sannan ta bushe sosai kafin fenti, in ba haka ba fentin zai tashi a ce kai ne ba ka iya ba. Waɗannan kwanaki ba a biyan lebura a cikinsu, amma dole su shiga tsawon lokacin da ka yi alkawari.

Ribarka da kuɗin zirga-zirgarka, ko dai ka ba su layinsu ko ka raba su cikin farashin ayyuka. Duk wanda ka zaɓa, kada ka ɓoye su cikin adadin kaya. Magini da ya rubuta buhu 10 alhali 6 za a ci, ranar da aka ƙirga buhunan da aka zazzage ya rasa amanar da ta fi buhu huɗun daraja. Idan akwai haraji a kan aikin, ka faɗa ko yana ciki ko ba ya ciki.

Don mu ga yadda ko-ta-kwana ke aiki, mu sa lambobi na misali kawai, ba farashin wata kasuwa ba. A ce dukan aikin 1,000 ne: kaya 600, hannu 250, jigila da kwashe ɓaraguzai 50, riba 100. A sabon gini akan ware kashi 5 zuwa 10 cikin 100, a gyara kuwa kashi 10 zuwa 20. Inda za ka tsaya a tsakanin nan ya danganta da yawan abin da ba ka gani ba. Fenti da canza tayil a gini mai lafiya, kashi 10 ya isa. Tsohon gini mai alamar danshi, ko aikin da zai taɓa banɗaki, bututun da ke cikin bango, ko katakon rufi da gara ke iya ci, ka nufi 20. Falonmu yana da filastar da ta saki da daɓen da ba a san ƙasansa ba, don haka 15 ya dace, wato 150, jimillar takarda ta zama 1,150.

Kuɗin nan na mai gida ne, ba naka ba ne. A ra'ayina wannan ita ce magana mafi muhimmanci da za ka rubuta game da shi: ba za a taɓa shi ba sai da amincewar mai gida a rubuce, kuma abin da ya rage nasa ne. Mafi sauƙi ma ya riƙe shi a hannunsa. Idan ka narkar da shi cikin farashi, abu biyu ne zai faru. In ba a samu matsala ba, ka karɓi kuɗin aikin da ba ka yi ba kuma farashinka ya fi na abokin takararka ba gaira ba dalili. In an samu matsalar da ta fi shi, ba ka da bakin neman ƙari, tunda ka ce farashin ya ƙunshi komai.

To an fara aiki. An sare filasta, 12 ta zama 30. Ƙarin mita 18 ne, kuma a farashin 4 da ka riga ka rubuta na kowace mita, 72 ke nan. An fasa daɓe an ga gefe ɗaya ya nutse, an ƙara buhu 3 da yashi, a ce 40. Kafin ka rufe kowanne, ka kira mai gida ya gani ko ka ɗauki hoto da ma'auni a jiki, ka rubuta 'yar takarda mai kwanan wata da adadi da kuɗi, ya sa hannu. An kashe 112, saura 38 a wurinsa. Babu wanda ya ɗaga murya, domin an gama cinikin tun kafin a ɗaga guduma.

Akwai abubuwa biyu da ba sa shiga ko-ta-kwana. Na ɗaya kuskurenka: idan ka lissafa kwali 15 maimakon 17, ko yaronka ya fasa tayil saboda ganganci, daga ribarka zai fita. Na biyu canjin ra'ayin mai gida: in ya ce a ƙara tayil a baranda ko a sauya launin fenti bayan an shafa, wannan sabon aiki ne da ke buƙatar nasa farashin da nasa ƙarin kwanaki a rubuce. Idan aka bari irin wannan ya cinye kuɗin, ranar da aka tarar da bututu yana yoyo cikin bango ba sauran abin da za a taɓa. Ka kuma rubuta abin da za a yi idan ɓoyayyen aiki ya fi ƙarfin ko-ta-kwana: a dakatar da wannan ɓangaren, ka kawo sabon farashi, mai gida ya yanke shawara. Tsagewa mai faɗi da ta ratsa bulo, ko bango da ya karkata, ba aikin toshewa da filasta ba ne, injiniya ya kamata ya duba.

Sai wa'adi. Abu biyu ne ake haɗawa a nan alhali daban suke. Na farko shi ne kwanakin da mai gida yake da su ya amsa kafin tayin ya faɗi. Na biyu shi ne ko farashin zai tsaya daram bayan ya amsa har a gama aiki. Takardar da ta ce "farashi na kwana 30" ta yi shiru ta amsa na farko ne kawai, kuma mai gida na iya amsawa a rana ta 29, ya ce a fara bayan wata uku a kan tsohon farashi.

Kwana 30 shi ne abin da aka fi sawa inda farashi ke zaune lafiya. Inda kaya ke tashi da sauri ana saukowa zuwa kwana 14 ko 7. Ƙa'idar da ba ta ba da kunya ita ce kada wa'adinka ya wuce wanda mai sayar maka da kaya ya ba ka. Idan ya ce farashin tayil ɗinsa na mako biyu ne, kai kuma ka ba mai gida wata guda, mako biyun ƙarshe kai kaɗai ka ɗauki kasadarsu. Ka rubuta ainihin ranar ƙarewa, kada ka tsaya a "wata ɗaya", don kada a zo ana gardamar daga yaushe aka fara ƙirga.

Ka kuma duba wane kaya ne zai iya cutar da kai, domin ba kullum ba ne wanda aka fi maganarsa. A misalinmu siminti bai wuce 80 cikin 1,000 ba, ko ya tashi da kashi 10, asarar 8 ce. Tayil kuwa a ce 300 ne, in ya tashi da kashi 20, asarar 60 ce, fiye da rabin ribarka ta 100. A aikin da ke da zuba kankare da rodi lissafin zai juya. Maganin mafi sauƙi a ƙaramin aiki irin wannan shi ne kuɗin kafin alƙalami ya isa sayen kayan da suka fi nauyi a farashi tun makon farko. Tayil da fenti suna jure ajiya. Siminti ba ya jurewa, yana jan danshi ya dunƙule kuma ƙarfinsa na raguwa idan ya yi watanni, don haka a saye shi daidai lokacin amfani, a ɗora shi a kan katako nesa da bango.

Ga yadda za ka iya rubuta wannan sashe: "Wannan farashi yana tsaye har zuwa ranar kaza. Amincewa tana tabbata ne da sa hannu da biyan kafin alƙalami kafin wannan rana. Idan an amince kuma an fara aiki cikin kwana 14, farashin ba zai canza ba har a gama, ban da layukan da aka rubuta na wucin gadi. Idan fara aiki ya yi jinkiri daga ɓangaren mai gida, za a sake duba farashin kayan da ba a saya ba bisa rasit." A aikin da zai ɗauki watanni kana iya ƙara cewa in kayan da aka ambata da suna suka tashi ko suka sauka fiye da kashi 5, za a daidaita bambancin. Ka sa saukar tare da tashin, domin sharaɗin da ke aiki ta gefe ɗaya kawai ba wanda zai yarda da shi da zuciya ɗaya. Kuma tashin farashi kada ya fita daga ko-ta-kwana sai in kun rubuta haka a fili, tunda an ware shi ne don abin da ke ɓoye a ginin.

Biyan kuɗi ka ɗaure shi da matakin aiki maimakon ranakun kalanda: kafin alƙalami na kaya, kaso bayan filasta da daɓe, kaso bayan tayil, ragowar bayan fenti da shara. Mai gida na iya neman riƙe kashi 5 na wasu watanni don gyaran abin da ya ɓaci daga hannunka, kamar tayil da ya ɗago ko yake ƙara idan an taka. Wannan ba laifi ba ne, muddin an rubuta tsawon lokacin da ranar sakin kuɗin, an kuma bambanta aibin aikinka da danshin da ke zuwa daga rufi ko maƙwabcin bango wanda ba a ba ka gyaransa ba. Ku sa hannu a kwafi biyu, kowa ya riƙe ɗaya, kuma duk 'yar takardar ƙari da aka rubuta daga baya a manna ta a jikin kwafin biyu.